Yadda ake gane wanda ya fitar da kuɗi a asusun haɗin gwiwa

Tambaya: Ni da ƙanena muna da asusu guda a banki, kowannenmu da katinsa. A watan jiya kuɗi sun ragu fiye da yadda muka lissafa, kuma akwai fitar kuɗi da dama da kowa ya ce ba shi ya yi ba. Na karɓo bayanin asusun, amma ban ga sunan kowa a gaban ko ɗaya ba. Ta yaya zan gane wanda ya yi kowanne, ba tare da na zargi ɗan'uwana a kan abin da ban tabbatar ba?

Amsa: Malam, takardar da ke hannunka an tsara ta ne domin ta nuna abin da ya shiga asusu da abin da ya fita da abin da ya rage, shi ya sa ba ka ga suna ba. A wajen banki ku biyun masu asusu ɗaya ne, kuma idan yarjejeniyar da kuka sa wa hannu ranar buɗewa ta ce ɗayanku zai iya cire kuɗi shi kaɗai, to duk abin da ɗaya ya fitar halattacce ne a lissafinsu, ba su da dalilin ware wa kowa nasa shafin. Sai dai babu kuɗin da ke fita haka kawai. Kowanne yana bi ta wata ƙofa, kuma kowace ƙofa da makullinta ake buɗe ta: kati, ko sunan shiga manhaja, ko lambar waya, ko sa hannu a takarda. Abin da banki ke rubutawa shi ne makullin da aka yi amfani da shi. Hannun da ya riƙe makullin kuwa banki bai gan shi ba. Idan ka riƙe wannan bambanci a zuciyarka tun daga farko, za ka gane yawancin layukan da ke damunka, kuma za ka san inda ya kamata ka tsaya da zargi.

Ka fara da samo cikakken bayani. Gajeren jerin da manhajar waya ke nunawa yakan datse rubutun da ke bayanin kowane layi, alhali a wannan rubutun ne shaidar take. Ka nemi cikakken bayanin asusu na watan da ake magana a kansa, ka haɗa da mako guda kafinsa da mako guda bayansa, domin wasu abubuwan da aka yi a ƙarshen wata sai a sabon wata suke bayyana. Daga nan ka ɗauki abin da ke asusun a farkon wata, ka ƙara duk abin da ya shiga, ka debe duk abin da ya fita, ka ga ko ya yi daidai da abin da ya rage a ƙarshe. Idan bai yi daidai ba, akwai shafin da ya ɓace ko layin da ka tsallake, kuma babu amfanin ci gaba sai ka gano shi. Idan ya yi daidai, sai ka cire cajin banki da haraji da makamantansu gefe guda, tunda waɗannan ba ɗayanku ne ya yi su ba. Abin da ya rage shi za ka bi layi bayan layi, kana rubuta ƙofar da kowanne ya bi a gefensa.

Bari in ba ka misali da wata matsala irin taka da aka taɓa kawo mini. Abokan kasuwanci biyu ne, zan kira su babba da ƙarami, suna da asusu guda. Katin babba ya ƙare da 4417, na ƙarami ya ƙare da 9052. Layuka huɗu suka yi jayayya a kansu, jimillarsu 207,500, kuma kowanne daga cikin huɗun ya zo da irin tasa hanyar ruɗar mutum.

Na farko sayayya ce ta 64,500 da ke ɗauke da kwanan wata 10 ga Maris. Ƙarami ya rantse cewa ranar yana kwance ba shi da lafiya, ko ƙofar gida bai fita ba, babba kuma ya ce shi bai san shagon ba. Da muka buɗe cikakken layin, ga kusan yadda yake:

```
10/03  POS PURCHASE  ****9052  07/03 21:48  RRN 506621481937  64,500.00 DR
```

Kwanan wata biyu ne a layin. Na farkon, wanda ke bakin shafi, shi ne ranar da banki ya shigar da kuɗin a littafinsa. Na biyun, wanda ke cikin rubutun, shi ne lokacin da aka sa katin a na'ura. An yi sayayyar ne daren Juma'a 7 ga wata, amma ba a kammala shigar da ita ba sai Litinin 10. Dalili shi ne biyan kuɗi da kati mataki biyu ne: da farko bankinka yana amincewa ya riƙe kuɗin, daga baya ɗan kasuwa ya aiko da buƙatar a biya shi, kuma tsakanin biyun kan ɗauki kwana ɗaya zuwa uku, har fiye idan hutu ya ratsa. Ƙarami gaskiya ya faɗa game da Litinin, kawai dai an yi masa tambaya ne a kan ranar da ba ita ba. Da aka ce masa daren Juma'a, nan take ya tuna. Sunan shagon da ba su gane ba shi ma yana da dalili, domin abin da ke fitowa a bayanin asusu shi ne sunan da aka yi wa na'urar rajista da shi, wanda zai iya zama sunan kamfanin da ya mallaki shagon, ko na kamfanin da ke sarrafa musu biyan kuɗi, kuma gurbin da aka ware wa sunan da wurin gajere ne, don haka ake datse shi. Haka ma sunan garin da ke layin, sau da yawa garin da hedikwatar kamfanin take ne. Na sha ganin an yi rigima a kan cewa wani ya je wani gari a ɓoye, alhali sayayyar a bayan gidansa ya yi ta.

Lambobi huɗun ƙarshe na kati su ne shaidar da ta fi sauƙin samu, don haka ka rubuta na katinka da na ƙanenka a saman takarda kafin ka fara. Idan an taɓa sauya wa ɗayanku kati a 'yan watannin nan, ka rubuta lambar tsohon ma, domin mayar da kuɗi da wasu biyan da suka makara sukan zo da tsohuwar lamba. Akwai bankunan da ba sa nuna lambar kati a bayanin asusu kwata-kwata, akwai kuma masu ba mutum biyu kati mai lamba iri ɗaya. A irin wannan hali sai ka koma ga saƙonnin alat da ke wayoyinku da kuma rasit, idan ba su wadatar ba ka tambayi banki, domin a ma'ajiyarsu ana iya bambance katunan.

Layi na biyu shi ne ya fi tayar musu da hankali: 15,000 ranar 12 ga wata, rasit ɗin da suka samo daga shagon yana nuna katin da ya ƙare da 2286. Babu mai wannan lamba a cikinsu, har suka fara tunanin wani ya kwafi kati. Abin da ya faru shi ne ƙarami ya saka katinsa a lalitar biyan kuɗi ta wayarsa, irin su Google Pay ko Apple Pay. Idan aka yi haka, wayar ba ta miƙa wa ɗan kasuwa ainihin lambar katin, ana ba ta wata lamba ta musamman da ke wakiltarsa a wannan na'urar kaɗai, ita ce kuma ke fitowa a rasit. Muka buɗe bayanan katin a cikin wayar ƙarami, sai ga 2286 a rubuce. Wannan lamba ma ta fi lambar kati ƙarfi a matsayin shaida, domin kati ana iya ara wa mutum ko a karanta masa lambarsa, ita kuwa tana manne da waya guda, wadda galibi sai an buɗe ta da yatsa ko fuska ko lambar sirri. Saboda haka idan ka ga baƙuwar lamba, ka duba wayoyinku biyu, da agogon hannu idan akwai mai biya da shi, kafin ka ce ɓarawo ne.

Na uku 8,000 ne ranar 15 ga wata, kuma a nan duka biyun gaskiya suka faɗa: babu wanda ya taɓa asusun a ranar. Biya ne mai maimaita kansa. Na ce su kawo bayanin watanni goma sha biyu, muka bi baya, sai ga adadin nan yana fita kowane 15 ga wata, har muka kai na farkonsa watanni tara da suka wuce, a kan katin 4417. Babba ne ya yi rajistar wata hidima ta intanet, ya manta. Ga irin wannan layi, tambayar wa ya yi shi yau ba ta da amsa, abin da ake tambaya shi ne wa ya ba da izini tun farko. Iri uku ne, kuma ya kamata ka bambance su domin inda ake neman shaidarsu daban-daban ne. Akwai umarnin da mai asusu ke ba bankinsa cewa ya riƙa tura adadi kaza ga wane a rana kaza, wannan banki yana da rikodin wanda ya kafa shi. Akwai izinin da ake ba wani kamfani ya riƙa cirewa kai tsaye daga asusu, shi kuma akwai takardar izini mai ɗauke da suna ko sa hannu. Sai wanda aka ɗaura a kan kati, kamar na babba, wanda lambar katin da kuma adireshin imel da kamfanin ke aika wa rasit su ne ke nuna mai shi.

Layi na huɗu shi ne mafi girma, shi ne kuma wanda ya ci mana lokaci: 120,000 da aka tura ta manhajar banki ranar 18 ga wata da ƙarfe 2:07 na rana, zuwa asusun wani mutum da babba bai san sunansa ba. A tura kuɗi babu kati, don haka bayanin asusu sunan mai karɓa kawai ya nuna, da bankinsa, da wata doguwar lambar shaida. A inda kowane mai asusu ke da nasa sunan shiga, akwai abubuwa uku da za ka iya dubawa da kanka kafin ka je banki. Ka duba jerin waɗanda aka adana a matsayin masu karɓa, domin a manhajoji da dama kowa da nasa jerin. Ka duba wayar da saƙon lambar tabbatarwa ta OTP ya shiga a daidai wannan mintin. Ka kuma duba inda hoton rasit ɗin yake, tunda mutane da yawa suna ɗaukar hotonsa su aika wa wanda suka biya. Saƙon alat na cewa kuɗi sun fita kuwa kada ka dogara da shi a nan, domin yana zuwa ne ga lambar da aka yi wa rajistar karɓar sanarwa, ko ta mutum ɗaya ko ta duka biyun, ko da wa ya yi aikin. Na ga wanda aka tuhuma don kawai alat a wayarsa ya shigo, alhali duk alat na asusun can yake shiga.

A wannan matsalar abubuwan ukun ba su ba mu amsa ba, domin manhajar ba ta neman OTP ga mai karɓa da aka riga aka adana. Sai suka rubuta wa banki. Ga abin da nake ba mutane shawara su sa a irin wannan takarda: kwanan wata da lokaci, adadi daidai, lambar shaidar layin kamar yadda take ba tare da an rage ko ɗaya ba, sannan a roƙi a faɗi hanyar da aka bi, da sunan shigar da ya ba da umarnin, da na'urar da aka yi amfani da ita, da ranar da aka fara adana mai karɓar. Ga biyan kati, lambar shaidar biyan da ake kira RRN, mai gurbi goma sha biyu, da lambar na'urar su ne ke sa ma'aikaci ya gano layin cikin minti kaɗan, a maimakon ka ce masa wani kuɗi da ya fita a tsakiyar wata. Kana da haƙƙin tambaya a kan duk abin da ya fita daga asusun da sunanka ke kai. Amma bankuna sun sha bamban a kan yawan abin da za su faɗa wa mutum ɗaya game da na'urar abokin asusunsa, don haka na fi son ku sa hannu ku biyu, ko ku je tare. Yin hakan yana sauƙaƙa wa ma'aikacin, kuma yana nuna wa ɗan'uwanka cewa layin ake bincike, shi ma yana cikin masu binciken.

Amsar banki ta zo da abin da bai yi wa kowa daɗi ba. Sunan shigar na babba ne. Na'urar kuwa wayar ƙarami ce. Watanni kafin nan wayar babba ta lalace, ya shiga da sunansa a wayar ƙarami, ya faɗa masa lambar sirri don ya biya wani kuɗi, daga nan ba wanda ya sake waiwayar maganar. A littafin banki babba ne ya tura kuɗin, kuma da maganar ta kai gaban hukuma, abin da rikodin zai fara nunawa ke nan. A zahiri kuwa mutum biyu ke riƙe da makullin, ban da yaron shago da ke taɓa wayar ƙarami. Iyakar abin da banki zai iya sani ke nan. Abin da ya warware maganar daga ɗaya ɓangaren ya fito: suka nemi mai karɓar kuɗin, ya zamana dillalin da ke kawo musu kaya ne yana amfani da asusun ɗansa, kuma ya nuna saƙon da ƙarami ya aika masa da hoton rasit da ƙarfe 2:09. Ƙarami ya biya bashin kaya ne na kasuwancinsu, ya ɗauka ya faɗa wa babba, kuma da aka ambaci sunan ɗan dillalin shi ma ƙaramin bai gane shi ba. A ganina wannan hanya ta bin mai karɓa ba a ba ta muhimmancin da ya kamata. Wanda aka biya kusan kullum ya san wanda ya biya shi da abin da aka biya.

Cire kuɗi a ATM yana da sauƙi ta fuskar kati, domin layin yana ɗauke da lambar katin da lambar na'urar da lokaci, amma yana da wuya ta fuskar hannu idan kun san lambar sirrin juna. Na'urorin galibi suna da kyamara, sai dai ba a ajiye hotunan har abada, kuma banki ba ya miƙa su don kawai mai asusu yana son gani, yawanci sai an shigar da ƙorafi a hukumance. Ceki da takardar cire kuɗi a kanta su ne suka fi kowanne bayyana, tunda akwai sa hannu, kuma kana iya neman kwafinsu.

Da lalitar waya kuke amfani da ita a maimakon asusun banki, wato wadda aka buɗe da lambar waya guda da lambar sirri guda, da maganar ta fi haka wuya. A wajen kamfanin mutum ɗaya ne mai ita, duk abin da ya fita da sunansa ya fita, ko da mutum biyar ke amfani da ita. Abin da ya rage shi ne lokaci, da mai karɓa, da sanin wanda wayar ke hannunsa a wannan sa'ar. Haka lalitar kirifto, wato ta kuɗin intanet, take idan mutane suka raba kalmomin sirri guda da ake buɗe ta da su: sa hannun iri ɗaya ne, babu abin da ke bambance wannan da wancan. Wadda aka gina a kan sa hannun mutane da yawa, kamar biyu cikin uku, ita ce ake iya tantance makullan da suka amince da kowace fita, domin kowa da nasa makullin.

Akwai wani abu da nake so ka kiyaye wajen kwatanta lokaci. Agogon da ke layin ba lallai ne ya zama agogon garinku ba. Sayayya ta intanet daga kamfanin wata ƙasa tana iya zuwa da lokacin can, wasu ma'ajiyoyin kuma da UTC, wato agogon bai-ɗaya na duniya, suke rubutu, don haka abin da aka yi kusa da tsakar dare yana iya faɗawa a wata ranar daban. Lokacin da alat ya shigo waya ya fi kusa da gaskiya, ko da yake shi ma yana makara idan layin sadarwa ya cunkushe. Bambancin sa'a ɗaya ko biyu bai isa ya wanke mutum ko ya kama shi ba.

Idan ka gama bin layukan, za ka ga sun kasu uku: waɗanda makulli da mai shi suka amsa, waɗanda makullin sananne ne amma fiye da mutum ɗaya ke iya riƙe shi, da waɗanda babu ɗayanku da ke da alaƙa da mai karɓarsu ko wurinsu. Kashi na biyun magana ce tsakaninka da ƙanenka, kuma na fi son ka kai masa takardar kana tambayar ko ya gane wannan suna da wannan lokaci, a maimakon ka tambaye shi ko shi ya cire. Kashi na ukun kuwa kada ka jira sai kun gama fahimtar juna. Ka kira banki a ranar a toshe katin ko sunan shigar da abin ya shafa, ka shigar da ƙorafi a rubuce, ka karɓi lambar ƙorafin, domin neman a dawo da kuɗin kati yana da wa'adi, wanda a manyan kamfanonin kati yakan kai kusan kwana 120 ga yawancin dalilai, bankinka kuma yana iya sa nasa wanda ya fi wannan gajarta. Alamomin da ke sa in fi karkata ga cewa baƙon hannu ne su ne ƙaramin biya na gwaji da babba ya biyo bayansa cikin mintuna, ko sabuwar na'ura da aka yi wa rajista kwana ɗaya ko biyu kafin fitar, ko mai karɓa da aka adana aka kuma tura masa kuɗi a cikin sa'a guda. Ka sani kuma cewa idan banki ya gano ɗayanku ne ya yi, ko wanda ɗayanku ya ba lambar sirri, da wuya ya ɗauke shi a matsayin zamba ya mayar da kuɗin, saboda haka ka faɗa musu gaskiyar wanda ya san lambar wa tun a takardar farko.

Su waɗancan abokan biyun, kafin su bar wajena na sa babba ya cire wayar ƙarami daga jerin na'urorin da ke kan sunansa, ya sauya lambar sirri, ƙarami ya koma shiga da nasa sunan, aka kuma saita alat ya riƙa zuwa wayoyin biyu. Suka amince cewa duk mai tura kuɗi zai fara gurbin bayani da harafin farko na sunansa sannan dalilin biyan, tunda wannan gurbin yana fitowa a bayanin asusu yadda aka rubuta shi. Kai ma ka duba jerin na'urorin da ke kan sunanka da na ƙanenka tun yau, kafin ma amsar banki ta iso, domin idan akwai wayar da ke ɗauke da sunan shigar da ba na mai ita ba, ita ce za ta fara bayyana maka layukan da ka kasa gane mai su.